"Ka gani ka saya" ba ta wanke mai ɓoye aibin mota

1/ Kaka ta yi, kuɗin masara da shinkafa sun shigo hannu, samari daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa sun fara shiga Kano neman mota ta hannu. Kafin ka tura kuɗinka, zauna ka karanta wannan. Magana ce a kan aibin da aka ɓoye maka, da lokacin da kake da ikon mayar da mota a ba ka kuɗinka.

2/ Ra'ayina a taƙaice: kalmar nan ta "ai ka gani ka saya" ba ta wanke wanda ya san aibi ya rufe. Amma kuma yawancin waɗanda aka cuta ba a gaban alƙali suke rasa haƙƙinsu ba. Da hannunsu suke kashe shi a kwana biyu ko ukun farko, saboda ba su san abin da ke kashe shi ba.

3/ Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Kuɗin da zan ambata na misali ne, kada wani ya zo yana min gardamar farashi. Saurayi ɗan Tudun Wada ya sayar da amfanin gona, ya haɗa da gudummawar yayansa, ya sayi Golf wagon a Kano a kan ₦4,500,000 don ya riƙa lodi tsakanin Kwanar Dangora da Doguwa.

4/ Ranar ciniki ya iske an riga an tayar da motar tana ɗumi. Suka zaga unguwa na minti goma, ba ƙara, ba hayaƙi. Mai mota ya ce "injin nan lafiya lau, ko ruwa ba ta sha." Aka yi sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, aka rubuta takarda mai layi uku: na sayar, ya saya, ya gani ya yarda.

5/ A cikin gari ba abin da ya faru. Washegari ya ɗauki mutane da buhuna, ya wuce Tudun Wada ya shiga dajin Falgore, allurar zafi ta haye sama, ruwa ya fara tafasa yana fita ta robar ajiya. Bakanike ya duba ya ce gaskit ɗin saman injin ne ya ƙone. Ya kira mai mota, amsar da ya samu: "A hannunka ta lalace, malam."

6/ Me ya sa zagayen minti goma bai nuna ba? Gaskit yana tsakanin tof da gangar injin, shi ke raba wuta da ruwa da baƙin mai. Idan ya ɗan tsage, sai injin ya yi zafi sosai kuma yana jan kaya sannan iskar konewa take kutsawa cikin ruwa. Yawon unguwa ba ya kai injin nan. Doguwar hanya da lodi su ke kai shi.

7/ Kuma akwai maganin toshe ɗiga da ake zubawa a lagireto. Yana iya liƙe tsagar na 'yan kwanaki ko makonni, daidai lokacin da mai mota yake buƙata ya rabu da ita. Ba gyara ba ne, rufa-rufa ce. Ku riƙe wannan maganin a ranku, don shi zai zama babban shaida nan gaba.

8/ Yanzu hukunci. Kotunan shari'ar Musulunci a Kano da fiƙihun Malikiyya suke aiki, littattafai irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa. Babin da ya shafe mu shi ne zaɓin aibi. Asalinsa a kan dabbar hawa da sauran kaya aka yi bayaninsa, amma mota ta zauna a kansa daram.

9/ Sharuɗɗan mayarwa uku ne a sauƙaƙe. Aibin ya kasance yana nan tun kafin ciniki. Ya kasance ba ka san da shi ba lokacin da ka saya. Kuma ya kasance irin wanda yake rage wa kaya daraja a wajen masu sana'ar. Ƙonannen gaskit ya cika na uku ba musu. Rigimar duk tana kan na farko: tsohon aibi ne ko sabo?

10/ A nan ne mutane suke mamaki. Idan aka yi jayayya kan tsufan aibi, maganar mai sayarwa ake kamawa tare da rantsuwarsa, sai fa idan masana abin sun shaida cewa aibin tsoho ne. Wato nauyin kawo hujja a wuyanka yake kai mai saye. "Wallahi ƙarya yake" ba hujja ba ce. Bakanike mai gaskiya da ya ga alama, shi ne hujja.

11/ Alamar me? Idan aka juye ruwan lagireto aka ga ɓurɓushi mai ƙyalli ko dunƙulen maganin toshewa, ba kai ka zuba ba cikin kwana ɗaya. Idan aka buɗe tof aka ga tsatsa a cikin silinda ɗaya, ko kan fistin ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi alhali sauran baƙi ƙirin, ruwa ya daɗe yana shiga wajen.

12/ A yi adalci kuma. Cire tamostat kaɗai ba ya nuna ha'inci, don kanikawanmu da yawa suna cire shi da sunan zafin ƙasarmu. Haka haɗa fanka kai tsaye. Abin lura ne, amma kada ka je gaban alƙali da shi kaɗai ka ce ga shaidar an yaudare ka. Za a kayar da kai cikin sauƙi.

13/ To ga abin da ke kashe haƙƙi na farko: ci gaba da amfani bayan ka sani. Saurayinmu ya ji maganar bakanike, sai ya ce bari in riƙa ƙara ruwa in yi lodin sati ɗaya in haɗa kuɗin gyara. A fiƙihu wannan alamar yarda ce. Wanda ya ga aibi a dabba ya ci gaba da hawanta ba dalili, ya karɓe ta ke nan.

14/ An yi wa matafiyi uzuri idan dole ta sa shi. Babu mai cewa ka kwana da fasinja a tsakiyar Falgore don kare haƙƙinka. Ka lallaɓa ta zuwa gari mafi kusa, ko a ja ta. Amma daga nan a kashe ta a ajiye. Fita da ita daga daji daban, komawa tasha ka yi lodi daban.

15/ Na biyu: shiru. Malaman Malikiyya sun taƙaita lokacin sosai. Wanda ya ga aibi ya yi shiru ba uzuri na kamar kwana ɗaya zuwa biyu, sai ya rantse cewa shirunsa ba yarda ba ne kafin a saurare shi. Idan ya wuce haka, ana ɗauka ya haƙura. "Ina jin nauyinsa, abokin babana ne" ta cinye kuɗin mutane da yawa.

16/ Saboda haka a ranar da ka gano, a ranar za ka sanar. Ka kira, sannan ka bi da saƙon rubutu ko na murya a WhatsApp: ga aibin da na gani yau, ban yarda da shi ba, na ajiye mota, ina neman a warware ciniki. Idan ya kashe waya ko ya yi nisa, ka kafa shaidu biyu a kan cewa ba ka yarda ba.

17/ Na uku, wanda ya fi ciwo: gyara kafin mai ita ya gani. Ka sa an kwance injin, an kai tof an goge, an zubar da tsohon ruwa a ƙasa, an jefar da tsohon gaskit. Shi ke nan ka share shaidarka da kuɗinka. Gobe ya ce kanikawanka ne suka ɓata, me za ka nuna?

18/ Idan dole sai an buɗe don a tabbatar, a buɗe a gabansa ko wakilinsa, kowa ya kawo bakanikensa. A ɗauki bidiyo tun daga lambar mota har abin da aka gani. Ruwan da aka juye a zuba a jarka a ajiye. Tsohon gaskit a ajiye. Ƙazanta ce a ido, amma ita ce za ta yi maka magana.

19/ A ce an tabbatar aibin tsoho ne, motar kuma tana nan yadda ka karɓe ta. Zaɓinka biyu ne: ka mayar a ba ka kuɗinka duka, ko ka riƙe ta a yadda take. A asalin hukunci ba ka da ikon tilasta masa ragi alhali mayarwa tana yiwuwa. Idan kun sasanta a kan ragi da yardarku, wannan sulhu ne, kuma ya halatta.

20/ Idan kuma wani sabon aibi ya same ta a hannunka, misali ka daki wani abu gefe ya lotsa, sai lissafi ya sauya. Ko ka mayar ka biya raguwar da sabon aibin ya jawo, ko ka riƙe ta a biya ka bambancin tsohon aibin. Wannan bambancin ba kuɗin gyara ba ne kai tsaye, da kaso ake fitar da shi.

21/ Ga yadda ake yi. Masu kimantawa su ce ranar ciniki motar da lafiyarta ta kai ₦5,000,000, da wannan aibin kuma ₦4,000,000. Raguwar kashi ɗaya ce cikin biyar. Sai a cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ka biya. Ka biya ₦4,500,000, za a mayar maka ₦900,000. Ba miliyan ɗaya ba.

22/ Kuɗin lodin da ka samu kafin ka gano aibin fa? Naka ne, ba a cewa ka mayar. Dalili kuwa, a wannan lokacin da motar ta ƙone ko an sace, asararka ce. Wanda asara take wuyansa, shi ke cin amfanin. Don haka idan mai mota ya ce sai an cire kuɗin hayar kwanakin, ba shi da wannan.

23/ Akwai bambanci babba tsakanin wanda bai sani ba da wanda ya sani ya rufe. Mayarwa ta hau kan dukansu. Amma wanda ya rufe da gangan, idan kayan suka halaka ta dalilin aibin da ya ɓoye, shi ke ɗaukar asarar, ya mayar da kuɗi duka. Shi ya sa maganin nan na cikin lagireto yake da nauyi: yana nuna wani ya sani.

24/ Yanzu mu dawo kan "ya gani ya yarda" da aka rubuta. Ganin ido yana ɗauke aibin da yake a fili: fashewar gilashi, lotsewar ƙofa, yagaggiyar kujera. Ba za ka dawo gobe kana kuka a kansu ba. Amma ka ga cikin injin? Ba ka gani ba. Ba a yarda da abin da ba a sani ba.

25/ Kuma a Malikiyya, mai sayarwa ya ce "ba ruwana da duk wani aibi" ba ta kare shi daga aibin da ya sani ya yi shiru. Abin da ke kare shi shi ne ya faɗi aibin da sunansa da girmansa. Mai motar da gaskit ɗinta ya ƙone ya ce "tana ɗan shan ruwa kaɗan", wannan ba bayani ba ne, rage zance ne.

26/ Tun zamanin Annabi (SAW) an san irin wannan. Akwai hadisin dabbar da ake ƙin tatsa kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya ɗauka mai nono ce. An ba mai saye zaɓin mayarwa bayan ya tatsa ya gane. Zuba baƙin mai mai kauri don a ɓoye ƙarar injin, ko mayar da mita baya, me ya raba su da wannan?

27/ Nau'i na biyu na mayarwa shi ne siffar da aka faɗa maka ba ta tabbata ba. An ce 'yar Kwatano ce ba a taɓa hawa a nan ba, ashe ta yi shekara uku tana haya. An ce ƙirar 2010 ce, ashe 2008 ce aka sauya mata fitilu da bamba. Ko motar lafiyarta ƙalau, ba abin da ka sharɗanta aka ba ka ba.

28/ Shekara kam ba a gardama a kanta. Lambar VIN haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na 10 shi ke nuna shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010. Ƙirga da yatsanka, minti ɗaya ne.

29/ Amma siffa tana amfani ne idan za ka iya tabbatar an faɗa. Maganar baki a bakin titi tana bin iska. Ka ɗauki hoton tallar kafin a goge. Saƙon muryar da dillali ya turo yana rantsuwa cewa ba a taɓa buɗe injin ba, kada ka share. Mafi kyau, a sa ta cikin takardar ciniki.

30/ Inda ba ka da mayarwa, gara in faɗa maka gaskiya. Ka saya da tsada, abokai sun yi maka dariya: tsada kaɗai ba ta warware ciniki a mashahurin zance. Ka sauya ra'ayi bayan sallama: Malikiyya ba su da zaɓin majalisi, ciniki ya ƙullu. Batir ya mutu bayan wata biyu, kulos ya cinye: tsohuwar mota ka saya, malam.

31/ Na san masu sayarwa za su ce, to ai mu ma haka muka saye ta, kuma wasu samarin tuƙin ganganci suke yi su ƙona injin su dawo suna ihu. Gaskiya ne, ana yi. Shi ya sa shari'a ta ɗora hujja a kan mai saye, ta kuma taƙaita lokaci. Mai gaskiya a cikinku an riga an kare shi. Wanda ba a kare ba shi ne mai zuba magani.

32/ Ta ɓangaren dokar ƙasa kuma, akwai dokar kare masu sayayya ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC take aiki da ita. Ta hana ɗan kasuwa bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa a kan kayansa. Jihar Kano ma tana da hukumar kare haƙƙin masu sayayya. Wannan hanyar ta fi ƙarfi idan a wajen dila mai sana'ar ka saya, ba maƙwabci ba.

33/ Shawarata ga mutanenmu: kada ofishin 'yan sanda ya zama matakin farko a rigimar gaskit. Wannan rigimar ciniki ce. Fara da mai ita da shaidu, sannan shugabannin 'yan kasuwar inda aka yi cinikin ko dattawa, sannan kotu. Idan maganar takardun jabu ce ko motar sata, wannan kam laifi ne, a kai rahoto.

34/ Motar sata ma babinta daban. Idan mai ita na asali ya bayyana da hujja, motarsa zai ɗauka, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka. Shi ya sa dole ka san wanda kake bi. Dillali ba shi ne mai mota ba. Sunan da ke kan takardu, da wanda ya sa hannu, da asusun da ka tura wa kuɗi, su zama mutum ɗaya ko a rubuta dalili.

35/ Duk wannan wahalar akwai abin da ke rage ta tun farko, kuma fiƙihu ya ba mu: zaɓin sharaɗi. Wato ku amince tun wajen ciniki cewa kana da kwanaki kaza na gwaji, in ba ta yi maka ba ka mayar. Ga dabba malamai sun kimanta kamar kwana uku. Me zai hana mu yi haka a mota?

36/ A rubuta shi a fili: mai saye yana da zaɓi zuwa ranar kaza ƙarfe kaza. An yarda a gwada ta daga Kano zuwa Kwanar Dangora a dawo, da bakaniken mai saye. Gwaji ne ba haya ba. Idan ba a yarda da kwana uku ba, a nemi yini ɗaya. Kuɗin man wannan tafiyar bai kai kwatar kuɗin gaskit da gogen tof ba.

37/ Ranar dubawa ka ce kada a tayar da ita sai ka zo, ka taɓa injin ka ji sanyi. Tana sanyi ka buɗe murfin ruwa, a tayar, ka duba ko kumfa tana tasowa ba tsayawa. Duba ƙarƙashin murfin baƙin mai ko akwai abu kamar madara. Duba salansa ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi ɗumi. Kada ka taɓa buɗe murfin ruwa injin na da zafi.

38/ Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar CHECK ENGINE dole ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. Idan ba ta kama ba tun farko, wataƙila an cire ƙwan ko an rufe shi. Tambaya ce da mai mota zai amsa kafin a ci gaba da magana.

39/ Sannan takarda ta ƙunshi abu biyu da tamu ba ta saba ɗauka ba. Aibin da mai mota ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Da abin da ya tabbatar: ba ta zafi, ba a buɗe injin ba, ba ta yi babban haɗari ba, shekara kaza. Wannan kariya ce gare shi shi ma, don abin da ya rubuta ba mai dawo masa da mota a kansa.

40/ Wanda ya ce maka "haba, ba ka yarda da ni ba ne?" don ka nemi a rubuta abin da ya faɗa da bakinsa, ka ce masa na yarda, Alhaji, shi ya sa na san ba za ka ji nauyin sa hannu ba. Idan ya ƙi, ka gode masa ka tafi da kuɗinka. Motoci ba su ƙare a Kano ba.

41/ Ga 'yan uwana masu sayarwa: faɗin aibi zai rage maka wani abu a farashi, na sani. Amma yaron da ya sayar da noman shekara guda ya tsaya a daji da fasinja ba zai manta sunanka ba, kuma daga Kiru zuwa Doguwa labari ba ya kwana.

42/ Wanda yake cikin irin wannan rigimar yanzu: ajiye motar yau, sanar da mai ita yau, kada a kwance komai sai a gabansa, sannan ka nemi malami masanin fiƙihun ciniki ko lauya da takardunka a hannu. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin shiga Kano da kuɗin kakarsa. Allah ya haɗa mu da masu gaskiya.